Jadawalin bitar darasi ga ɗalibi mai aiki

Jama'a, yawancinmu a nan rubutu muke yi bayan an tashi daga aiki, wasu kuma ga jarrabawa a gaba. Shi ya sa yau zan yi magana kan rabon lokacin bita, da misalin wani ƙanena mai shirin rubuta lissafi. Yana tsaron shagon cajin waya daga La'asar zuwa ƙarfe tara na dare, Litinin zuwa Juma'a.

Da awannin da yake da su muka fara. Awa ɗaya bayan Asuba a ranakun aiki biyar, sai awa huɗu ranar Asabar da uku ranar Lahadi. Awa 12 ke nan a mako. Ba mu sa dare a ciki ba, domin wanda ya wuni makaranta ya zarce shago, gyangyaɗi kawai zai yi a kan littafi. Muka ware awa 2 na ko-ta-kwana, saboda ranar da maigida zai ce ya shigo da wuri. Saura 10.

Daga nan muka ɗauko tsofaffin takardun jarrabawar, muka ƙirga makin kowane fanni. A cikin 100, aljabara na cin kusan 40, jometiri 30, ƙididdiga 20, lissafin kuɗi 10. Sai ya amsa takarda guda da agogo a gabansa. Ya samu 28 a aljabara, 12 a jometiri, 14 a ƙididdiga, 4 a lissafin kuɗi.

Abin dubawa shi ne makin da ya zubar: 12, 18, 6 da 6, jimla 42. Kowane fanni zai samu rabonsa na awa 10 gwargwadon asarar da aka yi a cikinsa. Jometiri ya tashi da awa huɗu da ɗoriya, aljabara kusan uku, sauran biyun kusan awa ɗaya da rabi kowanne. Ku lura, kashi 40 cikin ɗari ya ci a jometiri da lissafin kuɗi duka, amma rabonsu ya bambanta, domin ɗaya maki 30 yake ɗauke da shi, ɗaya 10.

Jometiri muka kai Asabar, tunda zane da gwada kusurwa suna son dogon zama. Awannin Asuba kuwa na gajerun tambayoyin aljabara da ƙididdiga ne. Lahadi ta ɗauki lissafin kuɗi da awa ɗaya da rabi na ko-ta-kwana, sauran rabin awar ya koma Asuba.

Takarda ɗaya ba ta isa hukunci ba, don haka duk mako biyu zai sake amsa wata, a sake rabo. Idan fanni ya sha awa takwas makinsa bai motsa ba, ƙarin lokaci ba zai yi magani ba. Akwai tushen da bai gane ba, sai ya nemi malami ya warware masa. Idan kuma awannin ko-ta-kwana suna ƙarewa kafin Laraba mako bayan mako, jadawalin ya fi ƙarfinsa, sai a rage.

Allah Ya ba masu jarrabawa sa'a.