Wasulan da Turanci ke haɗiyewa

Muna aji huɗu a sakandare malamar Turanci ta yi mana shifta, kuma kalmomi uku suka kayar da kusan dukanmu: library, secretary da February. Abin haushin, duk mun san su tun muna yara, domin Hausa ta daɗe da aro su: laburare, sakatare da Fabrairu.

Mun yi zaton rashin karatu ne. Ashe kunnenmu ne ya yaudare mu. A Hausa kowane wasali ana ba shi haƙƙinsa. In ka ce "makaranta", gaɓoɓi huɗu za a ji ras, huɗu kuma za ka rubuta. Turanci ba haka yake ba. Gaɓa ɗaya yake dannawa da ƙarfi, sauran wasulan su raunana, wani ma ya ɓace. A library ƙarfin yana kan gaɓar farko, shi ya sa Baturen Ingila in yana sauri sai ka ji kamar "laibri". Malamarmu ma haka ta faɗa, mu kuwa muka rubuta libry hankali kwance.

A secretary, Hausarmu ce ta ƙara mana rami. "Sakatare" ta yar da r ta farko, sai hannunmu ya bi ta, muka rubuta secetary. Waɗanda suka tsira daga wannan suka faɗa wani: secratary, domin wasalin gaɓa ta biyu ya yi raunin da kunne ba zai gane ko e ne ko a ba.

Dabarar da ta cece mu ita ce neman ɗan'uwan kalma. Ka ce librarian, wato mai kula da laburare. Nan ƙarfin ya koma gaɓa ta biyu, sai wasalin da ya ɓuya ya fito fili. Haka secretarial take tona a ɗin secretary. Gaban kalmar kuma secret ne, wato sirri, domin asalin sakatare mai riƙe sirrin maigidansa ne. Rubuta secret, ka liƙa ary, ka gama.

February ce ba ta da ɗan'uwan da zai taimaka. Turawa da yawa ba sa furta r ta farko, shi ya sa suke rubuta Febuary. Mu "Fabrairu" ta riƙe mana r, amma ta ɓatar da u daga mazauninta, sai muka yi Febrary. Dole muka koma furta ta gaɓa-gaɓa a zuci lokacin rubutu, Feb-ru-a-ry, ko da yake ba haka ake faɗinta a magana ba.

Har yau kafin mu miƙa takarda mukan duba abu biyu: kowace cikin ukun tana da r biyu, kuma tana ƙarewa da ary. A shiftar da ta biyo baya duk mun ci ukun. Sai malama ta gyara tsayuwa ta ce, "To, ku rubuta Wednesday."