Albashin Gidan Tela

A gidanmu keken ɗinki ɗaya ke ciyar da mutum shida. Watan azumi yakan kawo naira dubu 300, amma bayan Babbar Sallah da ƙyar ake haɗa dubu 120. Shi ya sa idan za mu tsara kuɗin wata, muke buɗe littafin shago, mu duba watanni 12 da suka wuce, mu ɗauki wanda ya fi kowanne ƙaranci. Dubu 120 ɗin nan ita ce albashinmu, ko da kasuwa ta buɗe.

Dubu 70 na hatsi da cefane ne. Haya shekara-shekara ake biya, don haka muke ware mata dubu 15 duk wata, makaranta ma haka. Sauran dubu 20 na wuta, gawayi da magani.

Rarar watan Sallah asusu take shiga, mu sayi masara da kaka, sauran ya cike watan da ya gaza. Kafin alƙalami kuwa ba ma lissafa shi sai an karɓi ɗinki, domin zare da maɓalli a cikinsa suke. Idan muka taɓa asusu wata uku a jere alhali aiki bai ragu ba, to farashi ne ya tashi, sai mu sake rabon.