Kuɗin ruwa ta kasuwar canji yake bi

A ranar 14 ga Yuni, 2023, Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara, ya bar kasuwa ta yanka mata farashi. Tun daga lokacin, duk sa'ad da bankin ya ƙara kuɗin ruwa, tambaya ɗaya maƙwabtana a GRA ta Katsina kan yi mini: mu da ba ma cin bashin banki, ina ruwanmu? Amsar da nake bayarwa ita ce, ƙarin ba ta ƙofar banki yake shigo mana gida ba, ta kasuwar canji yake biyowa.

Masana biyu, Robert Mundell da Marcus Fleming, sun fayyace wannan a farkon shekarun 1960. Ƙasar da tattalin arzikinta ƙarami ne, jari kuma yana shiga yana fita ba shamaki, ba ta iya riƙe ribar da ta zarce ta duniya. Da ta ɗaga kuɗin ruwa, sai masu dala su kwararo su sayi kuɗinta, darajarsa ta hau. Kayan waje su yi sauƙi, nata kuma su yi wa baƙo tsada. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya zo Jibiya da sefa sai ya tarar buhunan masarar da kuɗinsa ke saye sun ragu.

Mun ga haka a 2024. A Fabrairu bankin, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 cikin ɗari zuwa 22.75, a Maris ya kai shi 24.75. Dalar da ta haura naira 1,500 ta sauko ƙasa da 1,200 a Afrilu. Amma kafin Mayu ya ƙare ta sake hayewa.

Lissafin mai jari ne ke bayyana dalili. A ce ya canza dala 1,000 a kan 1,500, ya sami naira miliyan ɗaya da rabi. Ya sayi takardun bashin gwamnati masu ribar kashi 20, bayan shekara yana da naira 1,800,000. Da a Amurka ya bar kuɗinsa a kan kashi 5, da ya sami dala 1,050. Ke nan muddin dala ta wuce kusan naira 1,714 ranar fitarsa, zuwansa bai amfane shi ba. Abin da yake aunawa shi ne ribar bayan an cire faɗuwar da yake tsammanin naira za ta yi, da fargabar ko za a bar shi ya fita da dalarsa.

Shi ya sa idan aka sanar da sabon kuɗin ruwa nakan jira in ga farashin dala bayan wata guda. In an ƙara amma dala ba ta sauko ba, masu jari ba su gaskata cewa tsadar kaya za ta lafa ba.