Layin Bankwana: Tsakanin Dantchiao da Greensboro

A Greensboro, birnin jihar North Carolina inda ƴan Nijar suke da yawa, littafin bankwanar ɗalibai sayensa ake yi. Makaranta ke shirya shi, kamfani irin su Jostens ya buga, iyaye su biya tun shekara ba ta yi nisa ba. Hoton kowane ɗalibi na ciki, a ƙarshe kuma a bar fararen shafuka domin sa hannu. Ana raba shi dab da hutu, sai ka ga yara a tsaitsaye suna miƙa wa juna, kowa ya rubuta abin da ba ya kai minti ɗaya. Da yawa haruffa huɗu kawai suke sawa, HAGS, wato fatan a sha hutun bazara lafiya. Na duba na ɗiyata, na ga har waɗanda ba ta iya tuna fuskarsu sun sa hannu.

Mu a Dantchiao, kaye ne mai shafi 100 da ake saye a kasuwa, a naɗe bangonsa da takarda, a ja wa kowane shafi iyaka da jan bik. Ba a rubuta shi a tsaye. Aboki yakan tafi da shi gida ya kwana a wurinsa, ya fara gwada maganarsa a wata takarda kafin ya juya ta ciki.

Mutane a nan kan ce bambancin na kuɗi ne. Ni ina ganin na lokaci ne. Yaron Amurka yana sa hannu ya riga ya san zai fita da takardarsa, domin makin da ya tara cikin shekara huɗu shi ke ba shi ita, babu wata jarrabawar ƙasa guda da ke jiransa a ƙofa. Namu kuwa kayen yana zagaya ajin ƙarshe na kwaleji kafin a zauna BEPC, damina tana shirin sauka, kuma babu wanda ya san makomarsa. Wani zai wuce lise a Magarya ko Damagaram, wani zai maimaita aji, wani zai tsallaka iyaka zuwa Kano neman kuɗi, wata kuma an riga an kai mata kayan aure. Kana rubuta wa mutum ne ba ka san wace hanya za ta ɗauke shi ba.

Shi ya sa layin da ya fi ɓata shafi shi ne mai cika baki. A ce ka rubuta wa Habu, "Sai mun haɗu a lise." Sakamako ya fito, sunanka yana ciki, nasa babu. Daga ranar, duk lokacin da ya buɗe kayen, rubutunka gori zai zame masa, ko da ba ka nufa ba. Gwajin mai sauƙi ne: karanta layinka sau biyu, farko kamar ya ci, na biyu kamar ya faɗi. In bai tsaya a duka biyun ba, sake shi.

Wanda ke tsayawa yakan ɗauki abu uku, kuma jeren yana da dalili: abin da ku biyu kaɗai kuka sani, sai neman gafara, sai addu'a wadda ba ta rataye ga jarrabawa ba. Misali: "Habu, ba zan manta ranar da kekenka ya yi faci ka tura shi ina riƙe da kayenka har gida ba. Abin da na yi maka, na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini. Allah ya sa duk inda ka nufa ka tarar da alheri." Neman gafarar nan ban taɓa ganin irinsa a littafin ƴan Amurka ba. Su ba su ɗauki rabuwa a matsayin lokacin sauke haƙƙi ba, mu kuwa ko tafiyar fatauci ba a yin ta sai an yafi juna.

Ba kuma komai namu ne ya fi ba. Da yawanmu baitocin Faransanci muke kwafa daga kayen yayyenmu, magana ɗaya ta fito a shafi biyar, har da kuskuren rubutunta. Wannan da HAGS duk jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai namu ya fi cin tawada.

Akwai kuma wanda zai karanta. Ɗalibin Greensboro abokinsa kaɗai yake tunani. A wurinmu, in yarinya ta ba ka kayenta, ka san babanta na iya buɗe shi, gobe kuma ya bi ta ɗakin miji cikin akwati. Saboda haka namiji mai hankali yakan kira ta ƴar'uwa, ya ambaci abin da ya faru a aji gaban kowa, ya yi addu'a, ya sa cikakken sunansa da kwanan wata. Zanen zuciya ko suna a ɓoye na iya sa a yage shafin, wani lokaci ma a hana ta kayen baki ɗaya.