Taga Mai Buɗewa Tana Tsukewa

Duk sanda na ji wani a hostal yana zagin netwok don fayil ya taho a guje sannan ya ja birki, sai in ji kamar in tsaya wa TCP. Sau da yawa ba matsala ba ce, haka aka tsara shi.

Kwamfutar da ke aikawa ba ta san faɗin hanya ba, gwadawa take yi. Tana riƙe da wata lamba, `cwnd`, wato tagar cunkoso: yawan fakitin da za ta saki kafin amsa ta dawo. Matakin farko sunansa farawa a hankali, sunan da ni dai bai taɓa gamsar da ni ba. Linux kan fara da fakiti 10, kowanne wajen bayit 1460, kuma duk amsar da ta dawo sai tagar ta ƙaru da ɗaya. Ka ga ke nan duk zuwa da dawowa ninkawa take: 10, 20, 40, 80. Ina hankalin a nan?

To a ce zuwa da dawowa milisakan 100 ne, kuma a 80 layin rauta ya cika, fakiti ɗaya ya faɗi. Na bayansa suna isa, mai karɓa yana ta nanata amsa ɗaya, yana neman wanda ya ɓace. Maimaici uku ya ishe mai aikawa hujja. A tsarin Reno sai ya sake tura fakitin, ya raba taga biyu, ya ajiye 40 a `ssthresh`. Daga nan an shiga kauce wa cunkoso, ƙarin fakiti ɗaya tak a kowane zagaye. Komawa 80 zagaye 40 ne, sakan 4 cur, saboda fakiti ɗaya.

Wannan ma da sauƙi. In amsa ta ɗauke gaba ɗaya har lokacin jira ya ƙare, taga ƙasa take faɗowa, fakiti 1, a sake lale.

Abin da ke ba ni haushi shi ne TCP bai san dalilin ɓatan ba. Ko cunkoso ne ko siginar wayifai ce ta yi rauni, duk ɗaya ne a wurinsa, tsukewa zai yi. CUBIC, wanda Linux ke zuwa da shi yanzu, ya ɗan sassauta, kashi 30 cikin ɗari yake ragewa maimakon rabi.

Mai son gani da idonsa ya buga wannan:

```
ss -ti
```

Amma fa ka buga kana tura babban fayil. In saukewa kake, tagar da ke aiki tana can wurin saba, taka da ƙyar za ka ga ta motsa.