Garar da Goggo ba ta sani ba

A motar Birnin Kudu zuwa Gwaram direba ya saka wata waƙar zamani mai maganar wanke gara. Goggo ta kasa kunne, ta ce, "Ɗan nan, garar wace amarya ake wankewa?"

Garar da ta sani ita ce ta biki: shinkafa, man shanu, alkaki. Na sunkuyar da kai na ce, "Goggo, a bakin samari gara shi ne mai kuɗin da ba shi da wayo. Wanke shi kuwa, tatse masa aljihu."

Baiti na gaba na kasa fassarawa, kunya ta hana ni. Ta yi murmushi.

"Bar shi haka. Mu da muka yi rawar ƙwaryar Barmani Choge a gidan suna, wannan mun gane."