Python ko JavaScript: da wanne matashin Kance zai fara?

Akwai tambayar da matasa ke yawan turo mana: wanda ke son koyon rubuta furogiram don ya riƙa yi wa mutane shafin intanet ana biyansa, da Python zai fara ko da JavaScript? Amsarmu JavaScript ce, kuma ga dalili.

Duk shafin da kuka buɗe a waya, ta Chrome ko wani makamancinsa, abu uku ne ke ciki. HTML shi ne rubutu da hotuna, CSS shi ne kala da tsari, JavaScript kuwa shi ke sa shafin ya motsa idan an danna wani abu. Python ba ya aiki kai tsaye a nan. Wurinsa can baya ne, a kan saba, wato babbar na'urar da ke ajiye bayanai, wadda galibi hayarta ake biya duk wata. Shafin da aka yi da waɗancan ukun kuwa ana iya ɗora shi kyauta a GitHub Pages. Ga wanda kuɗin forfe ma sai ya yi lissafi, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sannan mu dubi wa zai fara ba ku aiki. Ba kamfanin Faransa ba ne, mutumin nan kusa ne. A ce wata mai man gyaɗa a Matameye tana da masu saye a Damagaram, tana son shafi guda: mutum ya rubuta lita nawa yake so, ya sa kuɗin mota, ya ga jimla, ya danna, saƙo ya faɗo mata a WhatsApp. Mu ɗauka lita jikka ɗaya da rabi ce, wato 1500. Lissafin duka layi uku ne:

```js
const lita = Number(document.getElementById("lita").value);
const mota = Number(document.getElementById("mota").value);
const jimla = lita * 1500 + mota;
```

Ku lura da kalmar nan `Number`, don nan ne sabon shiga ke faɗuwa. Duk abin da mutum ya rubuta a akwatin shafi, JavaScript na ɗaukarsa a matsayin rubutu, ko da lambobi ne. Idan aka cire `Number`, mai saye ya sa lita 2 da kuɗin mota 500, sau ɗin zai fita daidai, 3000. Amma wajen tarawa sai ya manna 500 a wutsiya, shafi ya nuna 3000500 maimakon 3500. Lita biyu a miliyan uku! Kuma ba zai yi wani gargaɗi ba. Alamar gane matsalar ita ce jimla ta yi tsawo, kuna ganin lambobinku biyu jere da juna.

To nan masu son Python ke da gaskiyarsu. Shi idan ka ce ya haɗa lamba da rubutu, tsayawa yake cak ya ce `TypeError`, ka gyara tun kafin abokin ciniki ya gani. Rubutunsa ma ya fi daɗin karatu. Wanda burinsa lissafin bayanai ne, kamar ɗalibin Jami'ar André Salifou mai aikin bincike, ya kama Python abinsa. Mu dai maganar aikin shafi muke.

Saura saƙon. Adireshin yana farawa da `https://wa.me/227`, sai lambar matar ba tare da alamar tarawa ko tazara ba, sai `?text=`, sannan saƙon. Dole saƙon ya bi ta `encodeURIComponent` tukuna. In ba haka ba, da zarar akwai alamar `&` a ciki, abin da ke bayanta ya ɓace, matar ta ga rabin oda.

Wani zai ce ai ba shi da ordinatar. Ana iya farawa da waya: akwai manhajar Acode a Android da ake rubuta waɗannan a ciki a gwada, ko babu rezo. Sai dai kafin a karɓi aikin kuɗi, gara a nemi ordinatar ko ta hannu ce, don can ne ake danna F12 a Chrome a ga inda kuskure yake. Mu da muka yi lakkwal da Faransanci kuma mun yi sa'a, shafin MDN yana da darussa da Faransanci, kyauta.

Kada dai a yi tsalle. HTML da CSS tukuna, har sai kun iya shirya shafin da ke zama daidai a ƙaramar waya, sannan JavaScript. Kuma ranar da matar nan ta ce tana son ta riƙa canza farashi da kanta, ko a ajiye mata sunayen masu saye, aikin ya wuce shafi guda, sai da saba. A ranar za ku zaɓa: ko ku ci gaba da JavaScript ta hanyar Node.js, ko ku ɗauko Python da Django. Kuɗin wannan aikin daban ne, ku faɗa mata tun kafin ku fara.